"Ikon Allah" a cikin takardar ciniki: yaya za mu ce fors majer da indemniti da Hausa?

Hadiza, Tawa: Assalamu alaikum. Malamai, ga wata takardar yarjejeniyar cinikin albasa da ake son a juya daga Faransanci zuwa Hausa, domin mai sayarwa mutumin Galmi ne, mai saye kuma ɗan Sakkwato. Aya ta 9 tana maganar fors majer. Wanda ya fara aikin ya rubuta: "Idan ikon Allah ya hana kai kaya, babu laifi a kan mai sayarwa." Sai kuma mai saye ya aiko da wani sharaɗi da Ingilishi mai kalmar indemniti, aka fassara shi "diyya". Duka biyun ba su kwanta mini ba. Ku duba mana.

Laminu, Yamai: Wa alaikumus salam. Ni ban ga aibin "ikon Allah" ba. Kowa ya san ta, tsohuwa a ƙauye ma ta san ta. Ruwa ya cinye hanya, gobara ta tashi, ai ikon Allah ne. Diyya kuwa ita muke ji kullum a rediyo in za a biya mutane wani abu. Me ya sa za mu wahalar da kanmu?

Metir Abdu, Yamai: Laminu, matsalar ke nan, kowa ya san ta, kuma kowa da yadda ya san ta. A bakin Musulmi babu abin da ke faruwa ba da ikon Allah ba. Direba ya yi barci a kan sitiyari mota ta faɗi, ikon Allah ne. Ɗan kasuwa ya cinye kuɗin mutane ya kasa sayen kaya, shi ma zai ce haka Allah ya so. Ka ga kalmar ta buɗe ƙofar da doka ta rufe. Ta wani gefen kuma ta yi ƙunci, domin idan hukuma ta rufe iyaka, ba kowa ne zai kira wannan ikon Allah a ma'anar da ake nufi ba, zai ce aikin gwamnati ne, alhali a doka yana iya zama fors majer cikakke.

Abin da doka ke nema abu uku ne. Na farko, abin ya zo daga waje, ba daga mutumin ko yaransa ko motarsa ba. Na biyu, lokacin da aka sa hannu mai hankali ba zai hango shi ba. Na uku, da ya zo babu dabarar kauce masa. Aya ta 1148 ta Kod sibil ɗinmu, kundin dokar mu'amala na Nijar wanda muka gada daga Faransa, ta ambaci kalmar, ta ce babu biyan hasara idan ita ce ta hana cika alkawari, amma ba ta bayyana ta ba, alƙalai ne suka fitar da sharuɗɗan ukun. Ga ciniki tsakanin ƴan kasuwa kuma dokar OHADA ta kasuwanci, wadda Nijar da wasu ƙasashen Afirka suka haɗu a kanta, aka kuma sabunta ta a 2010, tana da aya ta 294, inda ta ce cikas ne da ba ya hannun mutum, wanda kuma ba a iya hango zuwansa ko sakamakonsa ba. Fassarar da ba ta ɗauko waɗannan ba ta canza yarjejeniyar.

Laminu, Yamai: To "ƙaddara" fa?

Metir Abdu, Yamai: Ciwo ɗaya ne da ta farko, har ta fi. Talauci ma ƙaddara ne.

Malam Isuhu, Tawa: Bari in sa baki ta fuskar fiƙihu, don muna da kalma. Malaman Malikiyya suna cewa ja'iha. Idan mutum ya sayi ƴaƴan itace suna bisa bishiya, sai sanyi ko fara ko makamancinsu ya halaka su kafin ya tsinka, in abin da ya lalace ya kai sulusi ko ya fi, ana sauke masa kuɗin gwargwadon abin da ya halaka. In bai kai sulusi ba, hasarar tasa ce. Wannan yana cikin Risala, almajirai sun san shi. Da Hausa mukan ce annoba. Me zai hana a ce "annoba" ko a ari ja'iha kai tsaye?

Metir Abdu, Yamai: Allah gafarta Malam, tushen tunanin ɗaya ne, amma in muka ari kalmar za ta zo da kayanta. Wanda ya yi karatun zaure ya ga ja'iha a takarda zai fara lissafin sulusi, kuma zai sa ran ragin kuɗi. Fors majer ba ta san sulusi ba, kuma aikinta ba rage farashi ba ne, tana ɗauke wa wanda ya kasa cikawa biyan hasara ne. Annoba kuma yau in ka faɗe ta, kwalara da sanƙarau ke zuwa ran mutane.

Malam Isuhu, Tawa: Na yarda da maganar sulusi. Amma annoba a asali ta fi cuta faɗi, fari ma annoba ne.

Sani Tafinta, Yamai: Gaskiyar Malam ce a asali, sai dai ana fassara takarda ne don kunnen mai sa hannu na yau. Ga yadda aikin ke tafiya idan babu kalmar da ta yi daidai. Ba a neman kalma ɗaya. Ana rubuta abin da sharaɗin ke aikatawa, a ba shi gajeren suna da Hausa, a ajiye kalmar asali sau ɗaya tak a wurin da aka fara ambatonsa domin alƙali ko lauya ya gane abin da ake nufi, daga nan a riƙe gajeren sunan har ƙarshen takarda ba tare da canza shi ba. Ga abin da zan ba Hadiza:

"Aya ta 9. Cikas mai fin ƙarfi, wanda doka ke kira fors majer. Babu wanda za a bi biyan hasara saboda ya kasa cika alkawarinsa, idan ya nuna cewa abin da ya hana shi ba daga gare shi ko mutanensa ya fito ba, ba a iya hango shi ba ranar da aka sa hannu, kuma babu hanyar da zai bi ya kauce masa. Tsadar kaya, rashin kuɗi da lalacewar mota ba sa cikin wannan."

Jimlar ƙarshe kada ki saka ta sai idan tana cikin Faransancin, ko ɓangarorin biyu sun yarda a ƙara ta a duka harsunan. Tafinta ba ya ƙara sharaɗi da kansa. Amma ya halatta ya gaya wa masu takarda cewa ga ramin da ya gani.

A lura da "idan ya nuna". Nauyin kawo hujja yana kan wanda ya kasa cikawa. Fassarar farko ta jefar da wannan gaba ɗaya, ta ce kawai "babu laifi". Kalmar laifi ma ba wurinta ba ne, ba a maganar ɗauri a nan, ana maganar wa zai biya.

Hadiza, Tawa: Na gode Malam Sani. Amma "mai fin ƙarfi" ba ta yi kama da fin ƙarfi na zalunci ba? Kamar a ce wane ya nuna masa fin ƙarfi.

Sani Tafinta, Yamai: Kin taɓo wuri. Tana iya kawo wannan, har wani ya ɗauka ana maganar tilastawa, wadda wani babi ne daban a doka. "Abin da ya fi ƙarfin mutum" ya fi tsabta, tsawo ne kawai aibinsa. In za a maimaita sau goma a takarda yana gajiyarwa, amma gara gajiya da ruɗu.

Alhaji na Galmi: Ni ba ɗan boko ba ne, ku yi mini da misali. In an rufe boda kaya na hannuna, mi za a yi? Kuɗin da na amsa zan maida ko ba zan maida ba?

Metir Abdu, Yamai: Alhaji, barka da zuwa, tambayarka ita ce gwajin fassarar. Mu ɗauki misali. An yi ciniki ranar 10 ga Yuli 2023, buhu 200, kowane jika 25, wato sefa dubu 25, jimla miliyan 5 na sefa. Mai saye ya ba da miliyan 2 kafin alƙalami. Za a kai kaya Illela ranar 10 ga Agusta, kuma takarda ta ce dokar Nijar ce ke aiki. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki, ranar 30 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. Mai saye ya nemi albasa a can ya saya a kan abin da ya kai jika 32 buhu, wato ya yi hasarar jika 7 sau 200, miliyan 1 da jika 400.

In babu sharaɗin, kuma babu uzuri, wannan miliyan 1 da jika 400 ana iya bin mai sayarwa ita. Tunda rufe iyakar ba daga gare shi ba ne, ba wanda ya hango shi ranar 10 ga Yuli, kuma babu halattacciyar hanyar wucewa, ba za a bi shi ita ba. Amma miliyan 2 ta kafin alƙalami ba tasa ba ce. In ciniki ya rushe, zai mayar, domin an ba shi ita ne a kan kayan da bai kai ba. A nan "babu laifi a kan mai sayarwa" take cutarwa, don mutum zai ji kamar an ce babu komai a kansa, har da kuɗin mutane.

Yanzu canza kwanan wata. Da an sa hannu a watan Oktoba 2023, iyaka na rufe kowa ya sani, babu maganar ba a hango ba. Ya ɗauki alkawari ido buɗe. Haka kuma da ranar kai kaya 20 ga Yuli ce, ya yi jinkiri, an aiko masa takardar gargaɗi bai kai ba har aka rufe, uzurin ba zai yi masa amfani ba, domin jinkirinsa ne ya jefa shi ciki. A duka ukun mutum zai ce ikon Allah, a ɗaya kawai doka za ta ce fors majer.

Alhaji na Galmi: To in ruwa ya shiga rudu albasa ta ruɓe fa? Wannan kam ba gwamnati ba ce.

Metir Abdu, Yamai: Ya danganta da abin da aka rubuta aka sayar. In an ce "buhu 200 na albasar Galmi" kawai, ruɓewar taka ba ta hana ka sayo ta wani ka kai ba. Za ka yi hasara, amma ba a ce ya gagara ba. In an ce "albasar da ke cikin rudun wane a wuri kaza", ita ce abin cinikin, in ta halaka babu madadinta. Ko a nan ma za a tambaya, ruwan sama a watan Agusta abin mamaki ne? Ka gyara jinkar rudun? Ambaliya irin wadda ba a saba gani ba daban, yoyo daban. Shi ya sa mai fassara ya kula ƙwarai da bambancin "albasa" da "albasar nan". Ƙaramar kalma ce amma ita ke raba shari'ar.

Rabi, Yamai: Ni na ɗauka indemniti shi ne kuɗin da ake ba ma'aikaci in an sallame shi. A wurin aikinmu haka ake cewa. Ba "kuɗin sallama" ba ne kawai?

Sani Tafinta, Yamai: Hajiya Rabi, abin da kike nufi andamnite ne na Faransanci, kuma fassararki daidai ce a wurinta. Kalmar Faransancin jaka ce mai ɗaukar abubuwa da yawa. Na korar ma'aikaci kuɗin sallama ne. Na tafiyar aiki kuɗin guzuri ne. Wanda hukuma ke biya in ta karɓi filin mutum don aikin jama'a, nan diyya ta zauna, haka mutane ke faɗa. Akwai wanda mai kanti ke biyan ɗan haya in ya ƙi sabunta masa haya, a dokar OHADA, wannan sai a ce kuɗin tashi ko biyan hasarar tayar da shi. Duk wanda ya sa "diyya" a duka huɗun ya yi kuskure a biyu aƙalla.

Indemniti na takardun Ingilishi kuwa wani abu ne. Alkawari ne tun kafin komai ya faru: in wani na waje ya biyo ka da wata da'awa saboda wannan aikin, ni zan ɗauke maka. A Faransanci ma ba andamnite ake ce masa ba, yawanci garanti ake cewa. Hadiza, kawo mana abin da sharaɗin ya ƙunsa.

Hadiza, Tawa: Ma'anarsa ita ce mai sayarwa zai kare mai saye daga duk wata da'awa, tara, ko kuɗin shari'a da suka taso saboda takardun kayan ko saboda wani ya ce albasar tasa ce. An fassara: "Mai sayarwa zai biya diyya idan aka samu matsala."

Sani Tafinta, Yamai: Abu uku sun ɓace. Wa za a biya, wace irin matsala, da kuma cewa mutum na uku ne ke tayar da ita. Ga tawa:

"Ɗauke nauyi, wanda takardar Ingilishi ke kira indemniti. Idan wani wanda ba ya cikin wannan yarjejeniya ya bi mai saye da da'awa, ko hukuma ta ci shi tara, saboda takardun kayan ko saboda jayayya a kan mallakarsu, mai sayarwa ne zai ɗauke masa abin da ya biya, har da kuɗin lauya da na kotu."

Misali, an tsare mota a duwan saboda takardar da mai sayarwa ya bayar ba ta cika ba, aka ci mai saye tarar jika 300, ya kashe jika 100 wajen lauya. Jika 400 ɗin nan mai sayarwa zai mayar masa. Wanda aka karanta wa "diyya idan aka samu matsala" ba zai taɓa sanin ya ɗauki wannan ba.

Malam Isuhu, Tawa: Wannan ai lamuni ne. Na lamunce maka. Kalmar tana nan tun kaka da kakanni, daga damani na Larabci. Diyya kuwa na goyi bayanku, asalinta ta jini ce, raƙuma 100 a kan rai, ko da yake bakin mutane ya faɗaɗa ta.

Metir Abdu, Yamai: Lamuni ta fi diyya kusa nesa ba kusa ba, Malam, har nakan so ta. Abin da ke sa ni ja baya shi ne mun riga mun ba ta wani aiki. Wanda ya tsaya wa mai cin bashi, in bai biya ba shi zai biya, shi ma lamuni muke cewa, kuma wannan a dokar OHADA yana da nasa babi da nasa ƙa'idojin rubutu. Mai tsayawa nauyinsa yana rataye da bashin wani, in bashin ya faɗi shi ma ya kuɓuta. Mai indemniti nauyin nasa ne na kansa. In takarda ɗaya tana da duka biyun, kamar yadda takardun banki da na kwangila kan kasance, kalma ɗaya ba za ta ɗauke su ba. A kasuwa kuma wani in ka ce lamuni, bashi kawai yake ji.

Malam Isuhu, Tawa: To a ce "lamunin hasara" ga wannan, "lamunin bashi" ga wancan. Ai Hausa na iya rabawa.

Sani Tafinta, Yamai: Wannan shawara ce mai kyau, ban taɓa jin ta ba. Sai an gwada ta a kunne. Gwajin da ya fi amfani shi ne a karanta wa mutum biyu ko uku da ba su ga asalin ba, irin su Alhaji, a ba su labari kamar na motar duwan, a tambaye su wa zai biya kuma nawa. In amsarsu ta yi daidai da ta lauya, fassara ta yi. Mayar da ita Faransanci ta hannun wani tafinta yana da amfani, amma yana iya yaudara, don tafinta ya san abin da ake nufi, zai ga "ikon Allah" ya mayar da ita fors majer ba tare da ya tsaya ba, a ce komai lafiya.

Laminu, Yamai: Amma duk wannan wahalar, ai in an je kotu Faransancin za a duba. Hausar don a gane ne kawai.

Metir Abdu, Yamai: Rabin gaskiya ne. Yawanci akan sa aya da ke cewa in an samu saɓani, rubutun harshe kaza ne ke da rinjaye, kuma ya kamata wannan takardar ta samu irinta, a kuma fassara ta a fili, kada a ɓoye ta. Amma aya ta 1156 ta Kod sibil ta ce a nemi abin da ɓangarorin suka nufa tare, kada a tsaya ga lafazi kawai. In mutum bai iya Faransanci ba, Hausar aka karanta masa ya dangwala, lauyansa zai ce ga abin da ya yarda da shi. Ko bai ci shari'ar ba an samu rigimar da fassara ce ta haife ta. Ga shi kuma tun 2025 kundin da ƙasa ke tafiya a kansa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, irin waɗannan takardu ƙaruwa za su yi.

Wani abu kuma, Hadiza, tunda mai saye na Najeriya ne. Can tsarin Ingila suke bi, inda fors majer ba ta da ma'anar da doka ta ajiye mata, abin da aka lissafa a cikin sharaɗin shi ne kawai. In an rubuta ambaliya, gobara, yaƙi, ba a rubuta rufe iyaka ba, ana iya cewa babu ita. Saboda haka in takarda na da jerin abubuwa, a fassara su ɗaya bayan ɗaya, kada a dunƙule su a ce "da sauransu". A kuma duba ko asalin ya ce "kamar su" ko ya ce "su ne". Na farko misali ne, na biyu iyaka ce.

Hadiza, Tawa: Jerin yana nan, kuma "kamar su" ne. Akwai kuma wa'adin kwana 7 na sanar da ɗaya ɓangaren a rubuce, wanda fassarar farko ta mayar "da wuri".

Sani Tafinta, Yamai: Mayar da shi kwana 7, da lamba da kuma harafi, ki faɗi daga ranar da za a fara ƙirgawa kamar yadda asalin ya faɗa. Kuɗin ma haka. In kin rubuta jika ki sa adadin sefa a gefensa, kada ki yi lissafi da dala, don ɗan Sakkwato zai ɗauka ta Amurka ce.

Alhaji na Galmi: Ni dai "ɗauke nauyi" na fi ganewa. Lamunin hasara sai na ji kamar asiransi.

Malam Isuhu, Tawa: Ai Alhaji asiransi ma irinsa ne, kamfani ne ke lamunce maka hasara. Jin da ka yi bai kauce ba.

Metir Abdu, Yamai: Bai kauce ba, amma in ya sa ran akwai kamfanin da zai biya alhali daga aljihunsa za ta fito, an koma gidan jiya. Hadiza, ki rubuta duka biyun a takardu daban, ki karanta wa mutum uku a tashar albasa da labarin jika 400 ɗin nan, ki kawo mana abin da kowa ya amsa.

Hadiza, Tawa: To Metir. Ranar Laraba in sha Allah zan shiga Galmi, zan gwada har da "cikas mai fin ƙarfi" da "abin da ya fi ƙarfin mutum".